Yadda na koma motsa jiki a gida da minti biyar-biyar bayan haihuwa

Lokacin da na yanke shawarar komawa motsa jiki ina da yara biyu, babbar tana da shekara 3, ƙaramin kuma jariri ne ɗan mako 6. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne duk tsarin atisayen da na sani a baya yana buƙatar rabin awa a jere ba tare da kowa ya taɓa mutum ba, ni kuwa ko minti 10 ba na samu ba a kira ni ba. Na kuma ɗauka cewa da zarar jini ya ɗauke, jiki ya koma yadda yake. Duka biyun kuskure ne, kuma sai da na ɓata kusan wata guda kafin na gane. Zan bi matakan a jere kamar yadda na bi su, domin ki san abin da za ki tambaya da abin da za ki lura da shi a jikinki.

Mataki na farko shi ne duba lafiya da ake yi wa mai jego a mako na 6. Na je da katin asibitina da takardar sallama ta haihuwa, na yi zaman layi na kusan awa biyu da jariri a cinya, ganin ungozoma kuwa bai wuce minti 10 ba. Ta auna hawan jini, ta tambayi ko jinin biƙi ya ɗauke, ta duba ɗinkin da aka yi mini, ta ce ya warke. Da ban buɗe baki ba da nan za mu rabu, domin maganar motsa jiki ba ta cikin abin da ta saba tambaya. Na ce mata, "Malama, idan na yi atishawa fitsari yana ɗan zubo mini, kuma idan na tashi daga kwance tsakiyar cikina yana tasowa kamar tudu." Na ji nauyin faɗar hakan, amma wannan jimla ce ta sa ta rubuta mini takardar turawa zuwa sashen gashi, wurin likitan fisiyo mai duba mata bayan haihuwa. Ki rubuta irin waɗannan alamu a takarda tun daga gida, saboda a gaban ma'aikaciya da kukan jariri komai yakan ɓace wa mutum. Idan kuma aiki aka yi miki aka ciro jaririn, wannan ganawa ta fi zama dole, domin har sai an tabbatar ɗinkin ya haɗe ba a so ki ɗaga abin da ya fi jaririnki nauyi.

Sai da na jira kwana 12 kafin ranar da aka ba ni ta zo. A wannan jira tafiya kawai nake yi a cikin gida, minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana. Da na shiga wurin likitar, ta sa na kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ta ɗora yatsunta a kwance a saman cibiyata kaɗan, ta ce in ɗaga kai da kafaɗa kamar mai son leƙen gwiwarta. Yatsunta 3 suka shige tsakanin tsokoki biyu na gaban ciki, kuma suka nutse ciki sosai. Ta sake aunawa a kan cibiya da ƙasanta, a ƙasa yatsa 2 ne. Ta bayyana mini cewa tsokokin nan biyu dogaye da suka sauko daga haƙarƙari zuwa mara, wata jijiya mai faɗi ce ta haɗa su a tsakiya, ciki yana girma tana miƙewa tana yin siriri. Wannan yana faruwa ga yawancin masu ciki, kuma yakan ragu da kansa a makonni 8 na farko bayan haihuwa. Abin da ta fi damuwa da shi shi ne taurin wurin. Idan yatsa ya tarar da abu mai ƙarfi kamar fatar ganga, ko da faɗin yatsa biyu ne, jiki yana iya ɗaukar nauyi. Idan yatsa ya nutse kamar cikin auduga, da sauran aiki. Ta kama hannuna ta sa na taɓa da kaina, kuma wannan gwaji ne na riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu. Kayan atisaye kuwa ta ce kada in sayi komai: shimfiɗa, bango, kujera mai ƙarfi da ba ta da taya, da rigar mama mai riƙe ƙirji sosai sun isa. Kuɗin da na kashe a duk tsawon lokacin shi ne na ganin likita sau biyu da na mota.

Makonni 3 na farko bayan wannan ganawa abu biyu ta ɗora mini, kuma babu wanda yake kawo gumi. Na farko shi ne matse tsokokin ƙasan mara, waɗanda suke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura kamar raga. Za ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ki ja sama, ki riƙe, sannan ki saki gaba ɗaya. Abin da ake so a kai shi ne riƙo na daƙiƙa 10 sau 10, sai matsewa da saki da sauri sau 10, a yi haka sau 3 a rana. Ranar farko daƙiƙa 3 kawai na iya, a na biyar ma na daina jin komai. Daga nan na fara, daƙiƙa 3 sau 5, ina ƙara daƙiƙa ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu. Kurakuran da nake yi ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya: ina riƙe numfashi, ina matse ɗuwawu da cinyoyi, wani lokaci ma ina yunƙuri ƙasa maimakon ja sama. Hanyar ganewa ita ce ki ɗora hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ɗuwawu. Idan ɗuwawun ya yi tauri ko cikin ya kumbura waje, wata tsoka daban ce take aikin. Sakin ma yana da muhimmanci kamar matsewar, domin tsokar da ba ta huta ba ba ta ƙara ƙarfi. Kuma ta gargaɗe ni kada in mayar da tsayar da fitsari a banɗaki atisaye, saboda yana iya hana mafitsara zubar da komai. Na ɗaura wannan aiki da shayarwa: duk lokacin da na zauna ba da nono da safe, da rana, da dare, sai in yi zagaye ɗaya. Shi ne kaɗai atisayen da yaro ba ya iya katse shi.

Abu na biyu numfashi ne haɗe da tsokar ciki ta can ciki, wadda ta zagaye ƙugu kamar ɗamara. A kwance rigingine zan shaƙi iska har haƙarƙari ya buɗe gefe da gefe, in fitar da ita a hankali ta baki, ina jan ƙasan mara sama, ina jan cibiya ciki kaɗan kamar mai zuge siket da ya ɗan matse ta. Sau 8 zuwa 10. Da na iya wannan sai ta ƙara zame ƙafa: a lokacin fitar da numfashi in zame dunduniya ɗaya a kan shimfiɗa har ƙafar ta miƙe, in dawo da ita, bayana bai ɗaga daga ƙasa ba, sau 6 kowace ƙafa. Ta kuma canza mini yadda nake tashi daga gado. Maimakon in yunƙura kai tsaye, sai in juya gefe, in sauke ƙafafu, in tura jikina da hannu. A dare ɗaya nakan tashi sau huɗu ko biyar, ashe kowane tashi ina tura cikin nan waje ban sani ba.

A mako na 4 da fara atisayen ne na yi kuskuren da ya mayar da ni baya. Na ga kwana 21 sun wuce tumbina yana nan, haƙurina ya ƙare, sai na koma tsohon tsarina na minti 30 wanda yake da tsalle-tsalle da ɗago ƙirji daga kwance zuwa gwiwa. Na sa masa lokacin barcin rana na yaran. A kwana 6 da na gwada, sau ɗaya na kai ƙarshe. Ko jaririn ya farka a minti na 8, ko babbar ta ƙi barci ta zo ta hau bayana. Duk ranar da aka katse ni sai in ɗauke ta ranar asara, in ƙi ci gaba, har raina ya riƙa ɓaci da yara a kan abin da ba laifinsu ba ne, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Jikin ma ya ba da amsarsa: a tsalle na goma fitsari ya zubo, tudun tsakiyar ciki ya fito fili duk lokacin da na ɗago, da yamma kuma ina jin wani nauyi a gabana kamar abu yana son saukowa. Waɗannan alamu uku ma'anarsu ɗaya ce, matsin da ke cikin ciki ya fi ƙarfin abin da ke riƙe da shi. Na tsaya, na huta kwana 3, na koma numfashi da matsewa, nauyin ya tafi. Da bai tafi ba da asibiti zan koma a makon. Likitar dama ta faɗa mini cewa gudu da tsalle ba a so a fara su kafin mako 12 da haihuwa, kuma ko bayan nan sai idan babu zubar fitsari.

Abin da ya warware mini matsalar lokaci shi ne wani bayani a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020. Sun ce mace bayan haihuwa, idan ba ta da wata larura, ta nemi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka. A tsofaffin ƙa'idoji sai motsin ya kai minti 10 a jere ake lissafa shi, a na 2020 an cire wannan sharaɗi. Ke nan minti 4 da aka yi kafin yaro ya yi kuka sun shiga lissafi. Da wannan na rushe tsarin rabin awa na gina abin da nake kira zagaye: motsi 4, kowanne daƙiƙa 45 da hutun daƙiƙa 15, gabansu minti ɗaya na taka ƙafa a wuri ɗaya don jiki ya ɗumama. Jimla minti 5. Na rubuta motsin huɗu a takarda na liƙa a bango, domin tunanin me zan yi yanzu shi kansa yana cin minti biyu daga biyar ɗin.

Daga mako na 5 zuwa na 8 ga yadda zagayen yake. Na farko tsugunno zuwa kujera: in tsaya gaban kujera, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, in tura ƙugu baya har ɗuwawu ya taɓa kujerar, in tashi ina fitar da numfashi, ina danna dunduniya ƙasa. A daƙiƙa 45 nakan yi 10 zuwa 12. Idan gwiwoyi suna faɗowa ciki suna neman haɗuwa, tsokar gefen ƙugu ce ta gaji, sai in rage sauri in tura su waje su bi layin yatsun ƙafa. Na biyu tura bango: tafin hannu a bango daidai ƙirji, ƙafafu taku biyu baya, jiki a miƙe kamar sanda, in lanƙwasa gwiwar hannu har goshi ya kusa taɓa bango, in tura. Na uku gada: a kwance rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, in fitar da numfashi, in matse ɗuwawu in ɗaga ƙugu har ya yi layi ɗaya da gwiwa da kafaɗa, in riƙe daƙiƙa 2. Idan a ƙasan baya kike jin aikin, kin ɗaga fiye da kima. Idan bayan cinya yana ɗaurewa, ƙafafunki sun yi nisa da ɗuwawu, ki jawo su kusa. Na huɗu a durƙushe kamar mai rarrafe: in miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, in riƙe daƙiƙa 3, in canza, bayana a daidaice kamar an ɗora kofin ruwa a kai. A wannan wuyan hannuna ya riƙa ciwo, abin da yake yawan samun masu ɗaukar jariri duk yini, sai na koma dogara a kan dunƙulallen hannu. A kowane motsi doka ɗaya ce, a fitar da numfashi a wurin da ya fi wuya, a duba tsakiyar ciki. Da tudu ya taso, motsin ya fi ƙarfina a ranar, sai in koma mai sauƙinsa.

Bari in nuna yadda wata rana guda ta kasance, domin a nan ne tsarin ya nuna amfaninsa. Da safe bayan na shayar da jaririn, wanda shi ne lokacin da ƙirji ya fi sauƙi kuma shi ya fi natsuwa, na kwantar da shi a shimfiɗa kusa da ni na fara. Na gama tsugunno da tura bango, ina cikin gada ta biyar sai babbar ta zubar da ruwa a jikinta. Na tashi ta gefe, na canza mata kaya, na goge ƙasa, minti 20 suka tafi. Da na dawo ban koma farko ba. Na taka ƙafa na rabin minti, na ɗauka daga gada, na ƙarasa na huɗu, na ja layi ɗaya a takardar bango. Zagaye na biyu da rana na yi shi tare da ita: ita ce mai ƙirga tsugunno, a gada kuma tana tura motarta ta wasa ta ƙarƙashin bayana, wanda ya tilasta mini riƙewa fiye da daƙiƙa biyun. Na uku bai samu ba sam, jaririn ya yi ta rigima har dare. Ranar ta tashi da layi 2, minti 10, da kuma tafiya mai sauri ta minti 10 da na yi ina kai da komo a ɗaki da shi a kafaɗa. A tsohon tsarina wannan rana da sifili za ta tashi.

Lissafin mako kuwa haka na tsara shi: tafiya mai sauri minti 10 sau biyu a rana, kwana 5, minti 100 ke nan. Zagaye biyu a rana, kwana 5, minti 50. Ma'aunin matsakaicin motsi da na yi amfani da shi shi ne magana: idan ina iya yin magana amma ba na iya rera waƙa, na kai. Zagayen farko-farko bai cika kai ni nan ba, don haka ban ruɗi kaina cewa na cika 150 ba. A mako na 5 minti 70 na samu, a na 8 na kai 120. Na kuma sa wa kaina ƙa'ida game da barci: duk daren da bai kai awa 4 ba, washegari numfashi da matsewa da tafiya a hankali kawai zan yi, domin na lura a irin ranakun nan ne gwiwa take karkacewa, baya yake ɗaukar aikin da ba nasa ba. Nono bai ragu ba ko kaɗan, matsakaicin motsa jiki ba ya rage shi, amma ƙishirwa ta ƙaru, sai na ajiye gorar ruwa kusa da shimfiɗar.

Daga mako na 9 na fara ƙara nauyi, abu ɗaya a lokaci guda, kuma sai na yi motsi sau 15 cikin sauƙi kwana uku a jere ba tudu ba zubar fitsari. Na cire kujerar a tsugunno. Tura bango ta koma tura gefen teburi mai ƙarfi da na jingina da bango, domin duk yadda hannu ya yi ƙasa, nauyin da ƙirji da ciki suke ɗauka yana ƙaruwa. Gada ta koma ta ƙafa ɗaya, sau 6 kowane gefe. Na ƙara motsi na biyar saboda bayan da shayarwa ta ranƙwafar: jaka mai ɗauke da gorar ruwa biyu na lita ɗaya da rabi, kilo 3 ke nan, in dafa kujera da hannu ɗaya in sunkuya, in ja jakar zuwa ƙugu sau 10 kowane hannu. Maganar ɗaukar jariri a matsayin nauyi, na jira har wuyansa ya tsaya sosai bayan wata 4, kuma tsugunno kawai nake yi da shi, rungume a ƙirji da hannu biyu. Ba na ɗaga shi sama da kaina, ba na yin wani motsi mai girgiza shi, kuma ba na yi idan bai jima da shan nono ba. Jakar gorunan kuma ba na barinta a inda babbar za ta ja ta. Ciwon tsoka da yake zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan ƙarin nauyi ya zo, a cinya musamman, ya tafi da kansa. Wannan daban yake da ciwo mai suka a gaɓa ko a wurin ɗinki, wanda yake nufin a tsaya.

Bayan mako 12 da fara tsarin na koma wurin likitar da katina da takardun bangon da na tara. A wannan karon jiran bai kai awa ɗaya ba. Ta sake aunawa: yatsa 2 a saman cibiya, ɗaya da rabi a ƙasa, kuma wurin ya yi tauri, yatsa ba ya nutsewa. Riƙon ƙasan mara ya kai daƙiƙa 10 sau 8. Ta gwada ni da tsayuwa a ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10, tsugunno a ƙafa ɗaya, sassarfa a wuri ɗaya na minti ɗaya, da ɗan tsalle sau 10. A tsallen ne na ji ɗigo kaɗan. Ta ce, "Maman yara, ki bar tsalle tukuna, ki ƙara mako huɗu a kan matsewar, ki riƙa yin ta a tsaye yanzu, domin a tsaye ne take kufce miki." Na ji ba daɗi, na so a ce an sallame ni gaba ɗaya, amma atishawa ta daina ba ni tsoro, kuma ina ɗaukar 'yar shekara 3 daga ƙasa ba tare da ƙuguna ya amsa ba. Tumbin ya ragu kaɗan ne kawai. Atisayen ciki ba ya narkar da kitsen wurin shi kaɗai, fatar da ta miƙe wata tara kuma tana ɗaukar lokacinta.

Da zan sake farawa, abu na farko da zan yi shi ne in faɗi alamun tun a ganawar mako na 6 ba tare da jin nauyi ba, in kuma nemi a auna mini ciki a nan take. Zan fara da zagayen minti 5 tun ranar da aka ba ni izini, in daina jiran lokacin da gida zai yi shiru, kuma in riƙa ƙirga layukan mako maimakon na rana, domin rana ɗaya mara kyau ba ta ɓata mako. Zan sa kayan da zan iya tsugunno da su tun safe, saboda canza kaya ma wani shinge ne. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko a gwada rage atisaye: jini da ya dawo ja sosai ko ya ƙaru bayan ya ragu, ciwon ƙirji, jiri ko numfashi da ya ƙi daidaita bayan an huta, kumburi da zafi a bayan ƙwauri ɗaya, zazzaɓi, ko ɗinki da ya fara ruwa. Da ɗaya daga cikinsu ya bayyana, a ajiye atisayen a tafi asibiti a ranar.